Yadda ake mai da maƙalar falsafa mai tsauri ta zama taswirar hujja: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai karatu yake cin karo da su idan ya zauna zai warware maƙalar falsafa ya zana ta. Don kada maganar ta tsaya a iska, duk amsoshin za su bi maƙala guda: wadda Peter Singer ya wallafa a 1972 a mujallar Philosophy & Public Affairs, kan yunwa da wadata da abin da ya wajaba a kan mai hali. Shafi 15 ce kawai, amma kusan duk tarkon da mai zana taswira yake faɗawa yana cikinta.

Mece ce taswirar hujja, kuma me ya raba ta da taƙaitawa?

Taƙaitawa tana bin marubuci yadda ya jera maganarsa: ya fara da kaza, ya koma kaza, ya rufe da kaza. Taswira ba ruwanta da jerin shafuka. Abin da take nunawa shi ne wace magana ce take ɗauke da wace. Kowace da'awa tana samun akwatinta, a rubuce da cikakkiyar jimla wadda za a iya ce mata gaskiya ce ko ƙarya ce. Tsakanin akwatunan akwai kibiyoyi iri biyu, ta goyon baya da ta suka. A can sama akwai natija, wato abin da marubucin yake son ka yarda da shi. A ƙarƙashinta akwai ginshiƙai, wato maganganun da ya ɗora natijar a kansu. Sai suka, sai martanin da aka mayar wa sukar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. John Henry Wigmore ya zana irinta a 1913 don lauyoyi su riƙa auna shaidu, Stephen Toulmin kuma ya fito da nasa tsarin a 1958. Wanda za a bi a nan shi ne mafi sauƙi: akwati da kibiya.

A ganina aikin yana cikin kibiyoyin. Kowa zai iya kwafe jimloli ya zuba a akwatuna. Wanda ya fahimci maƙala shi ne wanda zai iya nuna daidai akwatin da kowace kibiya ta sauka a kai, ya kuma faɗi dalili.

Daga ina ake farawa?

Daga natija, kuma ba a karatun farko ba. Ka karanta maƙalar sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka zana komai ba. A karo na biyu ka sa wa kowane sakin layi lamba, domin kowane akwati da za ka zana sai ya ɗauki lambar inda ka samo shi. Sannan ka tambayi kanka: wace jimla ce idan marubucin ya kasa shawo kaina a kanta, duk rubutun ya tashi a banza?

Ana yawan kuskuren ɗaukar batu a matsayin natija. Singer ya buɗe maƙalarsa da halin da ake ciki a Gabashin Bengal, wato Bangladesh ta yanzu, a watan Nuwamban 1971, inda talauci da guguwa da yaƙin basasa suka mai da mutane aƙalla miliyan 9 'yan gudun hijira. Mai gaggawa zai rubuta "yunwa a Bengal" a akwatin sama. Wannan batu ne, ba wanda zai ce masa "na yarda" ko "ban yarda ba". Singer da kansa ya ce ya ɗauki Bengal ne don ita ce matsalar da ke gabansa a lokacin, hujjar ba ta dogara da ita ba. Natijar ita ce: masu wadata wajibi ne su ba da kaso mai yawa na dukiyarsu don ceton masu fama da yunwa, kuma wanda bai bayar ba ya yi laifi. Rabin jimlar na biyu yana da muhimmanci, domin a nan ne Singer ya saɓa wa abin da aka saba. Mutane suna ganin irin wannan bayarwa kyautatawa ce, a yaba wa wanda ya yi, a ƙyale wanda bai yi ba. Shi kuwa cewa ya yi layin da aka shata tsakanin wajibi da kyautatawa ba a shata shi a inda ya dace ba. Idan akwatinka na sama ya ce "yana da kyau a taimaka wa mayunwata" kawai, to ka zana taswirar wata maƙala ce daban, wadda ba mai musu da ita.

Yaya ake ciro ginshiƙai daga cikin dogon bayani?

Ka ɗauki natijar ka tambaye ta "don me?", sannan ka nemi amsar a cikin rubutun. Kalmomi irin su "saboda", "tunda", "ke nan", "don haka" suna taimakawa, amma kada ka dogara da su, domin masana falsafa sukan ɗora magana a kan wata ba tare da wata alama ba.

A wajen Singer ginshiƙai biyu a fili suke. Na farko: wahala da mutuwa saboda rashin abinci da matsuguni da magani mugun abu ne. Bai kawo hujja a kansa ba, ya ma ce wanda bai yarda ba ba sai ya ci gaba da karatu ba. A taswira sai ka bar wannan akwatin ba komai a ƙarƙashinsa, ka rubuta a gefe cewa an ɗauke shi ne ba tare da hujja ba. Na biyu shi ne ƙa'idarsa: idan yana cikin ikonmu mu hana wani mugun abu faruwa ba tare da mun sadaukar da wani abu mai nauyi kwatankwacinsa ba, to wajibi ne mu hana.

To sai ka gwada, shin waɗannan biyun sun isa su haifar da natijar? Ba su isa ba. Natijar tana maganar ba da dukiya, alhali babu maganar dukiya a ko ɗaya daga cikinsu. Wannan gwajin yana aiki a kowace taswira: duk muhimmiyar kalmar da ta bayyana a natija dole a same ta a ɗaya daga ginshiƙai, in ba haka ba akwai ginshiƙin da ya ɓace. A nan wanda ya ɓace shi ne cewa ba da kuɗi yana hana wannan wahalar, kuma abin da mai wadata zai rasa bai kai nauyinta ba. Singer ya faɗi haka, sai dai a warwatse: wani ɓangare a farkon maƙalar inda ya ce taimakon bai fi ƙarfin ƙasashe masu arziki ba, wani ɓangaren can gaba inda yake maganar sayen sababbin tufafi don ado kawai. Aikinka ne ka tattaro su ka haɗa jimla ɗaya. Ga yadda ƙashin bayan hujjar zai kasance:

```
(1) Wahala da mutuwa saboda yunwa mugun abu ne.
(2) In za mu iya hana mugun abu ba tare da asarar
    kwatankwacinsa ba, wajibi ne mu hana.
(3) Ba da kuɗi yana hana wannan wahala ba tare da
    asarar kwatankwacinta ba.
----
(4) Wajibi ne mu ba da kuɗin.
```

Idan ginshiƙin da ka ƙara babu shi ko kaɗan a rubutun, ka yi masa alama ta daban, misali akwati mai ɗigo-ɗigo, don a san kai ne ka cike gurbin. Kuma ka zaɓi mafi sauƙin jimlar da za ta rufe giɓin. Wanda ya cusa wa marubuci ginshiƙi mai tsanani fiye da buƙata, sannan ya dawo ya rushe shi, da kansa yake kokawa.

Ginshiƙan nan uku, kowanne zai samu kibiyarsa zuwa natija?

A'a. Ukun kibiya ɗaya za su yi tarayya a kai, domin hujja ɗaya ce. Gwajin mai sauƙi ne: ka rufe ɗaya da hannu ka duba ko sauran suna ba da wani dalili. Rufe na 2, sai ka ga abin da ya rage shi ne yunwa mugun abu ce kuma kuɗi yana maganinta, amma ba abin da ya ce wajibi ne a kanka. Hujjar ta faɗi gaba ɗaya. Irin waɗannan ana haɗa su da layi ɗaya, sannan a ja kibiya guda daga layin.

Akwai kuma dalilai masu zaman kansu, inda ɗaya zai faɗi ɗayan ya tsaya, su ne kowanne yake da kibiyarsa. Bambancin ba na ado ba ne. Idan ka zana haɗaɗɗun ginshiƙai a rarrabe, taswirar za ta nuna kamar marubucin yana da hujja uku, mai suka sai ya rushe duka kafin ya yi nasara. Gaskiyar kuwa ɗaya kawai zai kayar, natijar ta rasa madogara.

Misalin yaron da ya faɗa tafki, ginshiƙi ne ko ƙawata magana?

Wannan tambaya ce da masu karatu na gaske suke saɓani a kanta, don haka kada ka yi saurin wuce ta. Singer ya ce a ɗauka yana wucewa ta gefen tafki marar zurfi ya ga yaro yana nitsewa. Wajibi ne ya shiga ya ciro shi, ko da tufafinsa za su ɓaci da laka, domin ɓacin tufafi ba komai ba ne idan aka gwada da mutuwar yaro.

Yadda ya gabatar da shi, misali ne na yadda ƙa'idar take aiki. Idan ka bi wannan karatun, akwatin tafki bayani ne kawai a gefen ginshiƙi na 2, ba kibiya. Amma ka duba me ke sa mai karatu ya yarda da ƙa'idar. Ban da cewa ƙa'idar kamar ba mai jayayya da ita, abin da ke ɗaukar nauyinta shi ne yaƙinin da kowa yake da shi cewa barin yaron laifi ne. Saboda haka ni nakan zana shi a matsayin goyon baya: wajibi ne a ceci yaron, ƙa'ida ta 2 ita ce ta fi bayyana dalilin wannan wajibcin, don haka ƙa'idar gaskiya ce. Jimlar tsakiya ba a rubutun take ba, akwati ne mai ɗigo-ɗigo, kuma da zarar ka rubuta ta za ka ga inda masu sukar Singer da yawa suka kai hari. Ana iya samun ƙa'ida mafi ƙanƙanta da za ta bayyana wajibcin ceton yaron ba tare da ta kai ga dukan mayunwatan duniya ba.

Dokar da za ka riƙe ita ce ka cire misalin a ranka. Idan da'awar ta rage ƙarfi, misalin yana aiki, sai ya shiga taswira da kibiya. Idan fahimta ce kawai ta yi wuya amma ƙarfin bai ragu ba, ka bar shi a waje.

Marubucin ya faɗi ƙa'idarsa siga biyu. Akwati ɗaya zan yi ko biyu?

Biyu, kuma kowanne da natijarsa. Siga mai tsanani ta ce ka hana mugun abu sai idan za ka rasa abu mai nauyi kwatankwacinsa. Siga mai sassauci ta ce ka hana abu mai muni ƙwarai sai idan za ka rasa wani abu mai muhimmanci ta fuskar ɗabi'a, ko da bai kai kwatankwacinsa ba. Kalmomi kaɗan ne suka canza, amma nisan da ke tsakani babba ne. Ta farko tana iya kai mutum ga bayarwa har ya zo gaɓar da ƙarin bayarwa zai jawo masa da iyalinsa wahala daidai da wadda yake ragewa, wato ya kusa komawa matsayin ɗan gudun hijirar. Ta biyu ba lallai ta kai can ba. Singer ya ce shi mai tsananin yake gani daidai, amma ko mai sassaucin aka ɗauka, rayuwar masu wadata sai ta sauya sosai.

Sai ka sa musu 2a da 2b, natijojin kuma 4a da 4b. Amfanin haka zai fito ne idan ka zo kan suka. Mai cewa "wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam" yana dukan 4a da ƙarfi, amma 4b ba ta jin dukan sosai. Wanda ya haɗe su a akwati ɗaya zai ɗauka suka guda ta kashe maƙalar baki ɗaya.

Yaya zan gane inda marubuci yake faɗin ra'ayinsa da inda yake kawo maganar abokin hamayya?

A nan sababbin masu karatu suka fi zamewa. Masana falsafa sukan ari bakin mai suka su yi sakin layi guda suna magana da muryarsa, da kyau har ka ɗauka sun sauya ra'ayi. Wanda ya saba da littattafan malamai ya san salon "idan aka ce kaza, sai mu ce kaza". Abu ɗaya ne, sai dai a maƙalun zamani alamar takan zo sau ɗaya a farkon sakin layi, "wani zai iya cewa", sannan ta ɓace. Ka nemi inda muryar ta juyo, yawanci a kan "amma" ko "sai dai". Ka ja layi a gefen takarda daga inda aron baki ya fara zuwa inda ya ƙare, kafin ka zana ko akwati ɗaya daga wurin.

Akwai kuma murya ta uku, ta amincewa da wani ɓangare. A kan maganar nisa, Singer ya yarda cewa kusanci yana iya sa ka fi sanin abin da mutum yake buƙata. Wannan ba ra'ayin abokin hamayya ba ne, nasa ne, amma ba ya goyon bayan natijarsa. Ya biyo shi da cewa saurin sadarwa da sufuri sun rage wannan bambancin. A taswira sai ka rubuta amincewar a matsayin suka mai iyaka, martanin kuma a ƙarƙashinta.

A kan wane akwati kibiyar suka take sauka?

Wurare uku ne kawai. Suka tana iya cewa wani ginshiƙi ƙarya ne. Tana iya cewa natijar ƙarya ce ba tare da ta nuna ginshiƙin da ya lalace ba. Tana iya kuma barin ginshiƙan su tsaya, ta ce ba su kai ga natijar ba, wato ta sari kibiyar ita kanta. Masanin falsafa John Pollock ya shahara da rarrabe na biyu da na uku. Duk sukar da ka kasa sa ta a ɗaya daga ukun, ba ka gama fahimtarta ba tukuna.

Ga misalan daga Singer. Mai cewa nisa yana rage wajibci yana dukan ginshiƙi na 2, domin yana son a ƙara wa ƙa'idar sharaɗin kusanci. Martanin Singer shi ne duk wanda ya yarda da rashin nuna bambanci tsakanin mutane ba zai iya ware wani don kawai yana nesa ba. Mai cewa ciyar da mayunwata yau jinkirta yunwar ce kawai muddin jama'a suna ƙaruwa, shi ginshiƙi na 3 yake duka, domin yana musun cewa kuɗin yana hana wahalar. Mai cewa wannan ra'ayi ya yi nisa da yadda mutane suke hukunci a rayuwarsu, natijar yake duka kai tsaye. Singer ya amsa masa da cewa yadda mutane suke hukunci bai shafi ingancin natijar ba, sai a nuna ƙa'idar ƙarya ce ko hujjar ta karye. Wato yana tilasta wa mai sukar ya sauko da kibiyarsa kan wani ginshiƙi.

Nau'i na uku ya fi wuyar gani, kuma Singer ya yi amfani da shi a martaninsa ga sukar fam 5. Sukar hujja ce cikakkiya, don haka ita ma sai an warware ta:

```
(1) Da kowa mai hali irin nawa zai ba da fam 5,
    da kuɗin ya isa.
(2) Ba dalilin da zai sa in fi irina bayarwa.
----
(3) Ba wajibi ba ne in ba da fiye da fam 5.
```

Mai karatu yakan zaci Singer zai musanta ɗaya daga biyun. Bai yi ba, ya ce dukansu gaskiya ne. Abin da ya nuna shi ne ginshiƙi na farko yana kan sharaɗi, "da kowa zai bayar", amma natijar ta yar da sharaɗin a hanya. Abin da ginshiƙan suka haifar shi ne: idan kowa ya ba da fam 5, to ba wajibi ba ne in wuce haka. Tunda kuwa an san ba kowa zai bayar ba, wanda ya ƙara a kan fam 5 zai hana ƙarin wahala. Kibiyar martanin ke nan tana sauka a kan layin da ke tsakanin ginshiƙai da natija. Idan ka ɗora ta a kan (1), ka sa wa Singer maganar da bai yi ba, kuma mai duba taswirarka zai ɗauka ana jayayya ne a kan ko fam 5 ya isa.

Kowane martani musantawa ne?

Ba kowanne ba, kuma taswirar da ta zana su duka da jan kibiya iri ɗaya ta ɓoye abu mai amfani. A sukar da ta ce wannan aikin gwamnati ne, bayarwar ɗaiɗaikun mutane tana sa gwamnati ta noƙe, Singer musantawa ya yi. Ya ce ba a kawo shaida a kan wannan zaton ba, kuma akasinsa ya fi kama hankali, gwamnatin da ta ga jama'arta ba sa bayarwa za ta ɗauka ba su damu ba.

A sukar yawan jama'a kuwa karkatarwa ya yi. Ya yarda ƙasa ba za ta iya ɗaukar ƙaruwar jama'a marar iyaka ba, sannan ya ce wanda ya gaskata haka bai kuɓuta ba, sai ya kai kuɗinsa ga masu aikin tsara yawan jama'a. Ka lura da abin da wannan ya yi wa taswirar: ginshiƙi na 3 ya sauya, daga "ba da kuɗin agaji" ya koma "ba da kuɗi ta hanyar da ta fi hana yunwa". Sai ka gyara akwatin ka rubuta lambar sakin layin da gyaran ya faru.

Akwai kuma inda ya haɗiye abin gaba ɗaya. Da aka ce ra'ayinsa yana nufin mutum ya yi ta aiki don rage wahala ba hutu, ya yarda cewa, da 'yan sharuɗɗa, hakan yana biyo baya a duniyar da muke ciki, kuma ya ce laifin na yadda muka saba rayuwa ne. A nan ba abin da aka rushe. Ka rubuta "ya amince" a ƙarƙashin sukar ka bar ta a tsaye, domin mai karatu na gaba yana iya ganin cewa farashin ya yi yawa.

Me zan bari a waje?

Tarihin batun, godiya, maimaici, da alƙaluman da aka kawo don tayar da hankali. Singer ya gwada abin da Birtaniya ta bayar da abin da ta kashe a kan jirgin Concorde, ya gwada na Ostireliya da kuɗin gina gidan waƙe-waƙe na Sydney. Waɗannan suna nuna cewa halin yana nan, don haka jimla ɗaya a ƙarƙashin ginshiƙi na 3 ta ishe su. Maganar Thomas Aquinas da ya kawo, cewa abin da ya yi wa mutum rara hakkin matalauta ne, ba hujja ce ga ƙa'idarsa ba. Martani ce ga masu ganin natijar baƙuwa ce, don haka can za ta zauna.

Maƙala irin wannan takan ƙare da akwati 20 zuwa 30. Idan ka doshi 60, taƙaitawa kake yi da akwatuna.

Ina zan sa sukar da ta zo mini, ko ta wasu marubuta?

A kan taswirar, amma da launi daban, kuma sai bayan ka gama ta marubucin. Haɗa aikin biyu yana sa ka raunana jimlolinsa ba da saninka ba, don sukarka ta samu wurin shiga. Doka ɗaya ce take kan kowa, kibiyar sai ta sauka a kan akwati mai lamba ko a kan layin da ke haɗa akwatuna. A 2015 Travis Timmerman ya kawo misalin mutumin da yake cin karo da yara masu nitsewa ɗaya bayan ɗaya ba ƙarshe, yana mai cewa ba laifi ba ne wani lokaci mutum ya tsaya ya yi rayuwarsa. Ka gwada sa wannan a taswira, za ka ga bai taɓa ginshiƙi na 1 ko na 3 ba. Yana dukan ƙa'ida ta 2 ne ta hanyar tsinke ta daga tafkin: yaƙinin da muke da shi na ceto sau ɗaya ne, halin yunwar duniya kuwa ba sau ɗaya ba ne.

Da takarda zan yi ko da manhaja?

Zanen farko da fensir, ko da ƙananan takardu masu manne da za ka iya matsarwa, domin sai ka sauya wurin kibiyoyi sau da yawa. Idan tsarin ya zauna, Argdown tana ba ka damar rubuta shi da haruffa ta zana maka. Alamar `+` goyon baya ce, `-` suka ce, matsar da layi ciki kuma yana nuna wa ake yi wa magana:

```
[G2]: In za mu iya hanawa, wajibi ne.
  + <Tafki>: Wajibi ne a ceci yaron.
  - <Nisa>: Nisa yana rage wajibci.
    - <Daidaito>: Nisa ba dalilin wariya ba ne.
```

Yaya zan san taswirata ta karkace?

Ka karanta ta da baki daga ƙasa zuwa sama, kana sa "don haka" a kan kowace kibiyar goyon baya, "amma" a kan ta suka. Inda jimlar ta yi maka banbaraƙwai a kunne, kibiyar ba a wurinta take ba. Ka duba akwatin da yake ɗauke da "kuma" ko "saboda" a cikinsa, galibi akwati biyu ne aka cusa a ɗaya, kuma suka za ta sauka a kai ba a san rabin da take nufi ba. Ka duba ko kalma ɗaya ta sauya ma'ana tsakanin akwatuna. A wajen Singer "muhimmanci ta fuskar ɗabi'a" ita ce abar sa ido, domin idan ta yi faɗi a ginshiƙi na 2b har ta haɗa da burin mutum da karatun 'ya'yansa, to ginshiƙi na 3 zai yi wuyar tsayawa, idan kuma ta yi ƙunci, 2b ta kusa komawa 2a.

Wata alamar ita ce duk suka ta taru a kan natija. Hakan yana nufin ba ka bi kowacce ka ga ginshiƙin da take nufa ba. Sai kuma ruɗin da zanen kansa yake jawowa, cewa wanda ya yi magana ta ƙarshe shi ya yi nasara. A maƙala marubuci ne kullum yake da akwatin ƙasa, tunda shi ke riƙe da alƙalami. Taswira ba ta auna nauyi, martani mai rauni da mai ƙarfi girman akwatinsu ɗaya. Don haka bayan ka gama sai ka bi akwatunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya ka yi wa kowanne alama: wannan an kafa shi, wannan an ɗauka ne kawai, wannan tambaya ce da sai bincike zai amsa. A taswirar Singer, martaninsa ga Henry Sidgwick da J. O. Urmson, waɗanda suka ga bai kamata dokar ɗabi'a ta wuce ƙarfin gama-garin mutane da nisa ba, yana cikin kashi na uku. Shi da kansa ya ce inda za a ja layin magana ce ta gwaji, ya kuma dogara da cewa abin da mutum yake iyawa yana bin abin da na kusa da shi suke yi kuma suke tsammani daga gare shi. Ya ƙara da wani martani na daban, cewa wannan damuwar ta shafi abin da za mu nema daga wasu ne, ba abin da ya wajaba a kanmu ba. Wannan na biyun bai dogara da na farkon ba, don haka kibiyarsa daban za ka ja masa.